Setof ya tsaya, ya ce babu waje, yanzu kuma ya ce fayil ya lalace

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon taifin da buga katin biki a wani ƙauye kusa da Gumel. Laftof ɗina mai giga 64 ce, Windows 10, ram giga 4. Wani abokina a Haɗeja ya zuba min setof na manhajar zane a filash, girmansa giga 2.4. Da na fara girkawa sai ya tsaya ya rubuto "There is not enough space on the disk", alhali C: na nuna saura giga 5. Na goge bidiyoyi na sake gwadawa, yanzu kuma cewa yake "The setup files are corrupted. Please obtain a new copy of the program." Wani ya ce sai an yi mata fomat. Dan Allah ya zan yi, ga data da tsada.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, barka kadai. Dan Allah kar ka yi fomat tukuna, kuma kar ka sayi data don sake saukewa tukuna, duka biyun asara ce in dai ba ka gano inda matsalar take ba. Ni dai shekaruna ina gyaran kwamfuta tsakanin Ringim da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma a irin wannan abin da na fi gani shi ne mutum ya yi fomat ya rasa katunan mutane da hotunansu da ya adana, a gama a sake danna setof ɗin ya ba shi saƙon nan dai sak, domin ciwon ba a jikin Windows yake ba tun farko. Tsarin da nake bi kullum ɗaya ne: a fara da waje, in an tabbatar akwai waje sai a duba fayil ɗin kansa, sannan filash, sai a ƙarshe a tuhumi ita na'urar. Dalilin wannan jeri shi ne rashin waje yana iya haifar da saƙon lalacewa, amma lalacewar fayil ba ta cika haifar da saƙon rashin waje ba.

Bari mu fara da lissafin da ya ruɗa ka. Setof ƙunshi ne da aka matse aka ɗaure, kamar dai yadda ake danna auduga a buhu, in ka kwance ta sai ta cika ɗaki. Lokacin da ka danna shi ba kai tsaye yake zuba manhajar a mazauninta ba, yana fara kwance kansa ne a wata folda ta wucin gadi mai suna Temp, daga can yake kwafe kayan zuwa Program Files, kuma sai ya gama gaba ɗaya sannan yake share abin da ya baza a Temp. Wato akwai lokaci a tsakiyar aikin da abu ɗaya yake zaune a waje uku: shi setof ɗin in ka kwafe shi cikin laftof, ga kwantaccen da ke Temp, ga kuma wanda ake girkawa. In muka ɗauka naka mai giga 2.4 ya kwance ya zama kamar giga 3, manhajar kuma bayan an girka ta ci kamar giga 4, kaga ana neman giga 7 a lokaci guda ban da shi setof ɗin, in ka haɗa da shi ya haura giga 9. Kai kuma giga 5 gare ka. To ba ƙarya ya yi maka ba, ya ci ya ci ne har ya kai bango sai ya tsaya, ya janye abin da ya zuba, shi ya sa da ka koma ka duba sai ka ga wajen ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, ka yi zaton saƙon ƙarya ne.

In kana so ka gani da idonka, buɗe This PC a gefe ka bar shi, ka danna setof, kana danna F5 lokaci-lokaci kana kallon sandar C:. Za ka ga tana cika tana komawa ja, lambar tana sauka daga 5 zuwa 3 zuwa 1, daidai lokacin da ta kusa sifiri saƙon zai faɗo. Ni ƙa'idar da na ɗora wa kaina, ba wai doka ce a rubuce ba, ita ce ban danna setof sai ina da sarari ninki uku zuwa huɗu na girmansa a C:. Naka kenan ka nemi giga 10 a sake.

Wani abu kuma da yake kama mutane da yawa, ko da kana da D: ko katin memori ko babban filash ka zaɓe shi a matsayin inda za a girka, foldar Temp tana nan a C: ba ta motsa ba. Sai ka ga mutum yana da giga ɗari a D: amma ana ce masa babu waje, ya rasa gane kan abin. C: ake nufi, kusan kullum C: ake nufi.

Yanzu batun bidiyoyin da ka goge. Tambayata ta farko, ka zubar da Recycle Bin bayan nan? Domin in Delete kawai ka danna, ba su tafi ko'ina ba, sun koma kwandon shara ne suna nan suna cin wajensu yadda suke ci da. Danna dama a kan kwandon ka zaɓi Empty Recycle Bin. Wallahi na sha yin tafiya a kan babur don wannan kaɗai.

Bayan nan sai Temp. Danna maɓallin Windows tare da R, ɗan akwati zai fito, ka rubuta wannan ka danna Enter:

```
%temp%
```

Folda za ta buɗe cike da tarkace masu sunaye marasa kan gado. Rufe duk wata manhaja da ke buɗe, danna Ctrl da A ka zaɓe su duka, sannan Shift da Delete don kar su biya ta kwandon shara. Wasu fayilolin za su ce ana amfani da su, ka danna Skip ka ƙyale su, ba komai. Wannan matakin shi ne nake zargin zai warkar da saƙonka na biyu, kuma ga dalili. A gwajinka na farko setof ya kwance rabin kayansa a nan sai waje ya ƙare, fayil ɗin da yake kan rubutawa a lokacin ya tsaya a guntule. Wasu setof ɗin suna share bayansu da kyau, wasu kuma suna barin guntayen, in ka sake danna su sai su tarar da foldar jiya su ɗauka kayan sun cika, su buɗe guntun su ga bai kai ba, sai su ce maka ya lalace. Haka kuma akwai waɗanda in waje ya ƙare musu ana tsakiyar kwancewa ba sa ma ambaton waje, lalacewa kawai suke kira. Shi ya sa ba na yarda da saƙon lalacewa a kan kwamfutar da C: ɗinta ke ja, sai na samar da sarari na share Temp na sake gwadawa.

Sai kuma sharar da Windows ta tara da kanta, wadda a irin waɗannan ƙananan laftof ita ce ke cinye rabin gida. A akwatin nan dai na Windows da R rubuta:

```
cleanmgr
```

Zaɓi C:, in ya buɗe kar ka tsaya a shafin farko, danna Clean up system files, nan ne nama yake. Sa alama a kan Windows Update Cleanup da Delivery Optimization Files da Temporary files, in kuma ka ga Previous Windows installation(s) to ka yi sa'a, wannan tsohuwar Windows ce da aka ajiye a foldar Windows.old bayan babban sabuntawa, takan kai giga da yawa. Ita da ma kwana 10 ake ajiye ta don wanda yake son komawa baya, in na'urarka na aiki lafiya ka goge ta kawai. Amma ka buɗe ido, in ka ga Downloads a cikin jerin kar ka sa mata alama, don a wasu nau'ikan Windows 10 tana fitowa a wajen, kuma duk abin da ka sauke zai tafi, wata kila har da aikin mutane. Sharar nan takan ɗauki lokaci, wani sa'in rabin awa ko fiye a ƙaramar na'ura, don haka ka yi ta lokacin da batir ke cike ko janareto ko sola na kunne, kar ta mutu a tsakiya.

In har yanzu ba ka kai giga 10 ba akwai wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys, shi ne inda Windows ke juye abin da ke cikin ram in za ta yi dogon barci. A Windows 10 girmansa yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na ram, kai mai giga 4 kenan wajen giga 1.6. Ba a goge shi da hannu. Rubuta cmd a wajen nema, danna dama a kan Command Prompt ka zaɓi Run as administrator, sannan:

```
powercfg /h off
```

Nan take wajen zai dawo. Sai dai ina ba ka shawara in ka gama girkawa ka mayar da shi ta hanyar rubuta umarnin nan da on a madadin off, saboda mu nan da wuta ba ta zama, wannan barcin shi ne yake ceton aikinka in batir ya kusa mutuwa kana tsakiyar taifin.

Akwai folda biyu da nake roƙonka kar ka taɓa, ko da wani ya nuna maka girmansu ya ce shara ce. Ta farko C:\Windows\Installer, ta biyu C:\Windows\WinSxS. Ta farkon a nan Windows ke ajiye abin da take buƙata in za a cire manhaja ko a gyara ta ko a sabunta ta, in ka share ta yau ba za ka ga komai ba, sai bayan wata biyu ka zo cire wani abu ya ƙi ciruwa kuma ya ƙi sabuntuwa. Ta biyun kuwa ita ce ƙashin bayan Windows ɗin, wanda ya yi mata ɓarna da hannu shi ne zai yi fomat na gaske.

To a ce ka yi duk wannan ka tsaya a giga 7 ko 8. Dabara biyu ce ta rage. Ta farko, kar ka ajiye setof ɗin a C:, bar shi a wani waje ka danna shi daga can, ka tsira da giga 2.4 kenan. Ta biyu, ka karkatar da Temp zuwa wani waje na ɗan lokaci. Ka ce kana da filash mai kyau ko katin memori da ya fito a matsayin E:, kuma setof ɗin yana cikinsa. Buɗe Command Prompt da Run as administrator kamar ɗazu, ka rubuta waɗannan layi bayan layi, ka sa ainihin sunan fayil ɗinka a layin ƙarshe:

```
mkdir E:\Temp
set TEMP=E:\Temp
set TMP=E:\Temp
E:\setup.exe
```

Dole daga cikin wannan baƙin allon za ka tayar da setof ɗin, domin canjin a cikinsa kaɗai yake aiki, da ka rufe shi komai ya koma yadda yake, abin da ya sa nake son hanyar kenan, ba ta barin wata matsala a baya. Zai yi nauyi don filash bai kai cikin na'ura sauri ba, ka yi haƙuri da shi. Kuma ba kowane setof ne yake bin wannan ba, wasu sai sun ajiye wani kaso a C: ko ta halin ƙaƙa, amma dai yakan rage nauyin sosai. Ka kuma duba tsarin filash ɗin ta danna dama a kansa ka shiga Properties. In ka ga FAT32, sani cewa wannan tsarin ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, ko da filash ɗin fanko ne mai giga 32, sai ya ce maka "The file is too large for the destination file system". Naka bai kai nan ba, amma ranar da ka ci karo da shi maganinsa exFAT ko NTFS, bayan ka kwashe kayan ciki.

Yanzu in ka samar da sarari, ka share Temp, ka kashe ka kunna, ka sake dannawa, saƙon lalacewa ya sake dawowa, to yanzu ne za mu yarda da shi. Ma'anarsa setof ɗin ya auna kansa ya ga abin da ke hannunka ba daidai yake da abin da masu shi suka ƙunsa ba. Kalmomin sukan bambanta dangane da abin da aka haɗa setof ɗin da shi. Wani zai rubuto "NSIS Error" da bayanin "Installer integrity check has failed", wani zai ba ka Error 1335 yana cewa wani fayil mai ƙarewa da .cab ya lalace, wani kuma "Data error (cyclic redundancy check)". Wannan na ƙarshen ka riƙe shi daban, don shi yawanci yana nufin abin da ake karantowa daga kansa ne ke da ciwo, wato filash ko faifai, ba wai saukewar ba. Sauran duk magana ɗaya suke yi. Kuma ba a gyara lalataccen setof, duk wanda ya ce zai gyara maka shi ɓata maka lokaci zai yi, abin yi shi ne a gano a ina ya lalace don a san daga ina za a ɗauko mai kyau ba tare da an ƙona data a banza ba.

Waje uku ne zai iya lalacewa: lokacin da abokinka ke saukewa, lokacin da ake zuba shi a filash, ko lokacin da kake karanto shi daga filash. Gwaji mafi sauƙi shi ne girma. Danna dama a kan setof, Properties, ka dubi layin Size, ba Size on disk ba, ka karanta doguwar lambar nan da ke ƙarewa da bytes. Kira abokinka ya karanto maka tasa daga kwamfutarsa. Dole su zama ɗaya har lambar ƙarshe, in ko da ɗaya ce ta bambanta to an samu yankewa a hanya, galibi zare filash aka yi kafin ya gama rubutawa. Ka kuma tambaye shi gaskiya, shi ya girka daga wannan fayil ɗin ya yi aiki a wajensa? In shi ma bai taɓa gwadawa ba, mai yiwuwa tun daga saukewa ne, netwok ya yanke ko data ta ƙare ana saura kaɗan. Na ga masu ganin fayil ya tsaya da .crdownload ko .part a ƙarshen sunansa su goge wannan wutsiyar su mayar da shi .exe suna zaton sun yi dabara, alhali wutsiyar nan ita ce shaidar cewa bai gama sauka ba.

Sai dai girma kaɗai ba ya isa, kuma a nan zan ba ka labarin abin da ya faru a hannuna. Wani malamin makaranta daga wani ƙauye a yankinmu ya kawo min laftof da filash sabo fil, an rubuta giga 64 a jikinsa, ya saya da araha a hannun wani mai tallar kayan waya. A ciki akwai setof mai giga 3.1 da aka zuba masa a birni, kuma kafin a zuba shi an riga an loda masa bidiyoyin karatu da wa'azi kusan giga 9. Sau uku yana komawa ana sake zuba masa setof ɗin, kuɗin mota kawai ya isa sayen filash biyu, kullum saƙo ɗaya. Na duba C: akwai sarari sama da giga 40, ba batun waje ba ne. Muka kira wanda ya zuba masa ya karanto girman, ya yi daidai da namu har lamba ta ƙarshe. Nan ne na ce to a ɗauko zanen yatsan fayil ɗin.

Abin da nake kira zanen yatsa wani lissafi ne mai suna SHA256, yana karanta fayil tun daga farko har ƙarshe ya fitar da jerin haruffa da lambobi guda 64. In ko ɗigo ɗaya ya canza a cikin fayil ɗin, jerin gaba ɗaya zai canza ya zama wani abu daban. Ba sai ka sauke komai ba, yana cikin Windows. A Command Prompt:

```
certutil -hashfile E:\setup.exe SHA256
```

Zai ɗan jima a kan babban fayil, ka jira. Na sa mutumin birni ya yi a kan nasa ya ɗauki hoton allo ya turo, ni ma na yi a kan na filash. Ko haruffa huɗun farko ba su yi kama ba. Girma ɗaya, suna ɗaya, ciki daban. Sai na kwashe abin da zai kwasu na gwada filash ɗin da wata 'yar ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda aikinta ta cika filash da bayanai ta sake karanto su ta gani ko sun dawo yadda ta zuba. Abin da ya dawo lafiya bai kai giga 8 ba, sauran duk iska. Wato ƙaramin filash ne aka yi wa dabara yake gaya wa kwamfuta shi mai 64 ne. Duk abin da aka zuba bayan an wuce ainihin cikinsa, sunansa zai fito, girmansa zai fito daidai, amma abin da ke ciki ba ya nan. Da muka buɗe bidiyoyin ma sai muka tarar na farko-farko suna yi, na ƙarshen ba sa buɗuwa, shi malamin ya ɗauka wayar da aka ɗauko su ce ba ta da kyau. Ranar na ji tausayinsa ƙwarai, don kuɗin aljihunsa yake kashewa saboda yara su koyi kwamfuta. Aka zuba masa a wani tsohon filash nawa mai giga 8 na gaskiya, zanen yatsa ya yi daidai, cikin minti ashirin aka gama girkawa.

Wani ɗan sirri a nan: in za ka auna fayil ɗin da aka zuba a filash yanzun nan, ka fara yin Eject ka zare shi ka sake sokawa kafin ka yi umarnin. In ba haka ba Windows na iya karanto maka kwafin da ta riƙe a ram, sai ka ga ya yi daidai alhali abin da ke jikin filash ɗin daban ne. Kuma H2testw a kan filash fanko ake yinsa, ka kwashe kayanka tukuna, yakan kuma ɗauki awanni a kan babba.

Ga yadda za ka karanta sakamakon naka. In na abokinka da na filash sun bambanta, laifin filash ne ko zubawa, ba ka buƙatar data ko ta mega ɗaya, wani filash kawai za a nema a sake zubawa, a yi Eject kafin a zare. In sun yi daidai amma setof na ƙi a wajenku duka biyu, to tun asali ne ya zo a lalace, sai an sake saukewa. Wasu masu manhaja suna rubuta SHA256 ɗin a shafinsu kusa da wajen saukewa, in akwai sai ka gwada da shi kai tsaye. In babu, shiga Properties na setof ɗin ka nemi Digital Signatures, zaɓi sunan da ke ciki ka danna Details, in ya ce "This digital signature is OK." to fayil ɗin cikakke ne kamar yadda ya fito daga masu shi.

In ya zama dole a sake saukewa, a ɗauko daga shafin masu manhajar, a inda netwok ke da ƙarfi, ka tabbata datar da ke layin ta haura girman fayil ɗin da rata, kuma C: na da sarari kafin a fara. In ya yanke a hanya kar ka fara daga farko, danna Ctrl da J a burawuza ka nemi Resume, sau da yawa zai ci gaba daga inda ya tsaya. In kuma ya zo a gutsure-gutsure ne, part1 da part2 da sauransu, dole duka su kasance a folda ɗaya, ka yi musu Test da 7-Zip ko WinRAR, sau da yawa zai nuna maka gutsuren da ke da matsala sai ka sake sauke shi kaɗai.

Zan faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. In setof ɗin irin wanda aka fasa ne aka cusa masa abin buɗe lasisi, sau da yawa mai tsaron Windows ne yake cafke wani yanki nasa ana tsakiyar kwancewa, sai setof ya nemi yankin ya rasa ya ce ya lalace. Za ka gane haka in ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, Protection history, ka ga an kama wani abu daidai lokacin da kake girkawa. Za a ce maka ka kashe tsaron ka sake gwadawa. Ni ban ba ka wannan shawarar ba, na'urar nan da ita kake cin abinci, filash ɗin mutane na shiga cikinta kullum, takardunsu na ciki.

Saura hali ɗaya da ba kasafai ake samunsa ba. Zanen yatsa ya yi daidai, setof ɗin ya yi aiki a kwamfutar abokinka, kana da sarari, amma a taka yana ƙi, kuma kowane gwaji a waje daban yake tsayawa, yau a kashi 30 gobe a kashi 70, wasu setof ɗin ma da ba su da alaƙa da shi suna yin haka. Wannan alamar ram ce ta fara lalacewa ko ma'ajiyar cikin na'urar. Rubuta wannan a akwatin Windows da R:

```
mdsched
```

Zaɓi ta sake kunnawa ta gwada ram ɗin, ka sa mata caji don yakan jima. In ta nuna matsala fomat ba zai yi maganinta ba, ram za a canza, in kuma irin wadda aka liƙe a jikin allo ce kamar yadda ake yi a yawancin masu giga 64 ɗin nan, sai an kai ta wajen mai gyara ya duba. In ram ta fita lafiya sai ka yi `chkdsk C: /f` a Command Prompt na administrator, ka amsa da Y, ka sake kunna ta, amma kafin nan ka kwashe aikin mutane zuwa wani waje.

A naka dai ina kyautata zaton ba za ka kai nan ba. Yi na kwandon shara da Temp da cleanmgr yau da daddare in ka tashi daga shago, ka ga ko C: ta kai giga 10, ka sake gwadawa. In ya sake ƙi, turo min hoton saƙon yadda yake a allo, da lambar bytes ta wajenka da ta abokinka, da haruffa takwas na farkon SHA256 na kowannenku, daga nan zan gaya maka ko filash za ka canza ko data za ka saya. Allah ya ba da kasuwa.